Jawabin da Aka Gabatar Ranar Bikin Ƙungiya: Yadin Masaƙa da Yadin Jesi, Yadda Za Ki Gane Halinsu Kafin Almakashi Ya Shiga

 

An ce in yi magana a kan yadi, tunda shi nake sayarwa a kasuwa, kuma da yawa daga cikinmu rancen da muke karɓa a ƙungiya a yadi yake ƙarewa. Wata ta saro ta sayar, wata ta ɗinka hijabai, wasu kuma yanzu sun fara karɓar aikin kayan makaranta. To idan muka shiga shago, me muke dubawa? Kala, zane, sai mu murza mu ji laushi, sai ciniki. Akwai abu ɗaya da ya riga waɗannan duka, wato yadda aka haɗa zaren da aka yi yadin. Daga nan ake sanin ko zai miƙe, ko bakinsa zai zare, ko zai yamutse, da kuma yawan abin da zai ragu idan ya sha ruwa.

Mu a Hausa duk saƙa muke cewa. Masaƙi yana saƙa, mai hular jarirai ma tana saƙa. Amma aikin nasu ba iri ɗaya ba ne. Wadda ta taɓa ganin masaƙi ta san sai ya fara yin wadari, ya ja zaruruwa dogaye a miƙe, sannan ya riƙa jefa ƙoshiya tana ratsa su, wannan zare ta bi ta samansa, na gaba ta bi ta ƙarƙashinsa, kamar yadda ake saƙa tabarma. Zare kashi biyu ke nan, na tsaye da na kwance, kowanne a miƙe yake. Atamfa, shadda, boyil, kaki, yadin yunifom, zanen gado, duk haka injin kamfani yake yin su. Wannan shi zan riƙa kira yadin masaƙa.

Ita kuwa mai saƙa da allura, zare ɗaya ne a hannunta. Tana lanƙwasa shi ya zama ɗan zobe, ta zura wani zoben ta cikinsa, haka har layi ya cika ta hau na gaba. Singileti, safa, rigar sanyi, tishat, rigar 'yan ƙwallo, da hijabin da muke ce wa jesi, duk zobba ne a sarƙe da juna, sai dai injin ya yi su ƙanana ƙwarai. Shi zan riƙa kira jesi, har da masu kaurin. Idan kika ɗaga shi a rana kika ƙura ido, za ki ga a fuskarsa layuka suna gangarowa kamar ƙananan kitso, bayansa kuma kamar an jera 'yan baka-baka. Yadin masaƙa kuwa ƙananan murabba'i za ki gani, zare ya gitta zare.

Mu fara da miƙewa. Zaren da yake a miƙe ba shi da inda zai ƙara zuwa. Shi ya sa idan kika kama atamfa kika ja ta ta tsawo, ba ta motsi. Ta faɗi tana ɗan ba da kai kaɗan, don zaren kwance ya fi lanƙwashewa wajen hawa da sauka. Zobe kuwa idan kin ja shi sai ya buɗe ya baje, idan kin saki ya koma. Wannan ne miƙewar jesi, ko da babu roba ko ɗaya a cikinsa, kuma ya fi miƙewa ta faɗi a kan ta tsawo. Saboda haka wajen yanka, ɓangaren da ya fi miƙewa shi ne zai zagaye jiki. Idan aka juya shi don a yi tattalin yadi, rigar za ta ƙi shiga ta kai, ga ta kuma tana zazzagowa ƙasa.

Kar ki tsaya a kan "yana miƙewa" kawai, ki auna. Ki ninka yadin nesa da baki kaɗan, don bakin ya fi saki, zai ruɗe ki. Ki kama inci 4 tsakanin hannuwanki biyu a kan tef, ki ja a hankali har inda ya fara yi miki gardama. Idan ya kai inci 5, miƙewarsa kaɗan ce, sai riga mai walawa. Idan ya kai 6, zai yi tishat da hijabi mai kama fuska. Wanda ya kai 8 ya ninka kansa ke nan, irinsa ake sa wa a wuya da bakin hannu. Daga nan sai ki saki ki sake aunawa, kuma ni a wurina wannan awo na biyu ya fi na farko. Idan ya dawo inci 4 cif, lafiya. Idan ya tsaya a 4 da rabi, to shi ne irin da gwiwar wando take yin buhu, wuyan riga ya saki har kafaɗa, hijabi kuma bayan wata guda sai an sa masa fil a haɓa. Jesin auduga zalla ya fi yin wannan hali. Wanda aka surka da ɗan zaren roba ya fi komawa.

Akwai wurare biyu da mutum zai iya ruɗewa. Na farko, yadin masaƙa ma yana miƙewa idan kin ja shi ta kusurwa, wato a karkace, don murabba'an nan suna bajewa. Masu ɗinka siket mai baza sun san wannan: an yanka ƙasa daidai, bayan kwana biyu wani gefen ya fi wani tsawo. Maganinsa a rataye siket ɗin ya kwana kafin a daidaita ƙasan a kalmashe. Na biyu, yanzu ana saka zaren roba a cikin yadin masaƙa, kamar jins mai roba. Yana miƙewa, amma bakinsa yana zarewa kamar kowane yadin masaƙa. Don haka ja kaɗai bai isa shaida ba, sai kin duba saƙar da idonki.

Miƙewar nan ita ce take ba telolinmu wahala. Baƙin keken da yawancinmu muke da shi ɗinki miƙaƙƙe kawai yake yi, kuma ɗinki miƙaƙƙe ba ya miƙewa. Yaro ya zura kai a tishat, yadin ya buɗe, zaren ɗinkin ya ƙi buɗewa, sai ki ji ƙas-ƙas, ya tsinke. Ba laifin zaren ba ne. Jesi yana son zigizag ko keken wibin. In babu sai baƙin keke, a ɗan sassauta zaren, a riƙa ɗan miƙa yadin kaɗan ana ɗinki, a bi layi biyu a inda ake yawan ja. Amma fa kaɗan na ce, idan aka ja da yawa bakin zai yi tudu da kwari, guga ma da ƙyar take kwantar da shi. Allura kuma akwai ta jesi, bakinta a ɗan dunƙule yake don ta ratsa tsakanin zobban. Mai tsini tana iya yanke zare, sai bayan wanki biyu ki ga ƙananan huji sun jeru a bin ɗinkin. Kuma wuyan tishat ana yanka ƙyallensa ya gaza zagayen wuyan. Wuya mai inci 20, ƙyallen ya zama kamar 16 ko 17, a miƙa shi ana ɗinkawa, shi ne zai kwanta a jiki.

Sai zarewar baki. A yadin masaƙa babu abin da ya riƙe zare sai matsin 'yan uwansa. Da almakashi ya wuce, zaren da yake bakin yanka ba shi da maƙwabci ta gefe ɗaya, sai ya zame ya fita, na bayansa ya biyo. Kowane wanki yana cin 'yan zaruruwa, har cin ya iso kan ɗinki, rigar ta buɗe. Yadin da saƙarsa ta matse, kamar atamfa mai kyau, a hankali yake zarewa. Mai santsi da mai sakakkiyar saƙa, irin satin da shifon, tun a kan teburin yanka suke fara zuba. Gwajinsa ba wuya: ki karce bakin da aka yanka da farce sau uku ko huɗu ki ga zare nawa ya fito. Sannan ki sa manyan yatsunki biyu a tsakiyar yadin ki ja su nesa da juna. Idan zaruruwan suka matsa gefe har wuri ya yi haske, wannan yadi zai buɗe a hammata da mazaunin wando ko da an yi masa wibin, don zaren ne yake zamewa daga ɗinkin. Irinsa kada a yi masa ɗinki mai kama jiki.

Saboda haka yadin masaƙa dole a bar masa rara a ɗinki, rabin inci ko fiye, kuma dole a kashe bakin. Ko wibin, ko zigizag, ko a ninka sau biyu a bi. Ga marar nauyi akwai ɗinki biyu, wanda ake fara ɗinkawa ta fuska siriri, a juya a sake bi ta ciki, bakin ya shige tsakiya ba a ganinsa. Yana cin lokaci, amma mayafi da rigar boyil sun cancanci haka. Na san wasu suna bin bakin yadin leda da kyandir. Yana kamawa, gaskiya ne, amma bakin yana yin ƙarfi ya riƙa kartar fata, a auduga kuma ba ya aiki sam, ƙonewa kawai take yi.

Jesi ba ya zarewa irin haka, tunda zobban a sarƙe suke. Za ki iya yanka ƙasan hijabin jesi ki bar shi, ya shekara bai zubar da zare ba. Nasa ciwon daban ne. Marar kauri bakinsa nannaɗewa yake yi, gefe da gefe su naɗe ta baya, sama da ƙasa su naɗe ta fuska. Wannan ma dabara ce ta gane fuskar yadi idan launin ya rikita ki. Ɗan sitati da guga marar zafi sosai yana kwantar da bakin har a gama ɗinki. Ciwo na biyu ya fi muni. Idan zobe ɗaya ya tsinke, wanda yake rataye da shi sai ya kuɓuce, na gaba ma haka, sai layi ya tafi kamar tsani. Kun sha gani a safa. Shi ya sa huji a rigar sanyi ba a jira da shi, ranar da aka gani ranar ake kama zobban da allura. Ke mai saro dila ko bandir, ki buɗe jesin a haske ki nemi irin wannan layi, don ba ya gyaruwa a sabon yadi, sai dai a kauce masa wajen yanka, kaucewar kuma asarar yadi ce.

Wani abu da 'yan kasuwa za su lura da shi: yadin masaƙa na auduga ana ɗan tsaga bakinsa da almakashi a yage, yagewar ta bi zare ɗaya ta tafi sambal. Jesi ba a yage shi. Kuma ba a auna shi a ɗage a iska, nauyinsa da jan hannu suna ƙara masa tsawon da ba nasa ba. A shimfiɗa shi a tebur ya huta, sannan a ɗora sanda. Idan kika je saye kika ga ana jan jesi a kan sandar awo, ki ce a kwantar. Idan ke ce mai sayarwa, ki kwantar da kanki, don yadi 5 da aka auna a miƙe yana iya zuwa gidan mai saye bai cika ba, kuma ba za ta dawo ba.

Maganar yamutsewa ba zan daɗe a kanta ba. Idan aka ninka yadin masaƙa, zaren da yake a matse ba shi da wurin gudu, dole ya karye a kan layin, sai shaida ta zauna. Zobban jesi kuwa suna juyawa su ba da wuri, shi ya sa za ki cusa hijabin jesi a jaka ki fito da shi ki saka. Amma a nan irin zaren ma yana da baki. Auduga tana riƙe karyewa, leda ba ta riƙewa sosai, don haka yadin masaƙa na leda yana iya fin tishat ɗin auduga zama sumul. Ki damƙe gefen yadin a tafin hannu, ki ƙirga 10, ki saki. Abin da kika gani shi mai rigar zai gani idan ya sauka daga mota. Ni dai ban ɗauki yamutsewa aibi a kowane wuri ba. Halin da ya sa shadda take yamutsewa shi ne ya sa take ɗaukar kari ta tsaya a jiki. Jesi ba ya ɗaukar karin guga, bin jiki yake yi, duk inda jiki ya lanƙwasa sai ya nuna. Wadda take son hijabi mai sutura ta sa wannan a lissafi, ta nemi mai kauri ta kuma ƙara faɗi. Wajen guga, jesi ana ɗora dutse ne a ɗaga, ba a ja, kuma wuta kaɗan, don zafi yana kashe robar ciki, leda kuma ta yi ƙyalli ko ta narke.

Yanzu ga inda kuɗi suke zubewa ba a ji ƙararsu ba, wato raguwa bayan wanki. A kamfani, tun daga saƙa har rini har naɗewa a bandir, a jaye yadin yake ta tsawo. An busar da shi a haka, wani an sa masa sitati ya riƙe. Ranar da ya shiga ruwa sai zaren ya saki jiki ya koma yadda yake so. Auduga tana kumbura idan ta jiƙe, zaren ya ƙara lanƙwasa, yadin ya gajarce. Saboda jan ta tsawo aka yi, raguwar ma ta fi yawa ta tsawo. Jesi ya fi raguwa, don zobe ya fi zare miƙaƙƙe karɓar ja, abin da ya karɓa kuma shi zai mayar. Wani jesin ma yana gajarcewa ta tsawo ya ƙara faɗi, rigar ta koma gajera mai fāɗi kamar ba ta mai ita ba. Leda zalla ba ta cika raguwa ba. Yadin nan mai laushi da sanyi da ake kira biskos, shi kam a yi hattara da shi, ko na masaƙa ne yana raguwa sosai. Yawancin raguwar a wankin farko take faruwa, amma jesin auduga yakan ƙara kaɗan a na biyu da na uku.

Ba a gane wannan da ido ko da hannu, sai da ruwa. Ga yadda ake yi, kuma duk wadda ta iya karanta tef a ajinmu na yaƙi da jahilci za ta iya. Kafin ki sayi bandir, ki sayi yadi ɗaya. Ki shimfiɗa shi, ki zana murabba'i a tsakiya da biro, inci 20 ta tsawo, inci 20 ta faɗi, ki sa alamar kibiya a ɓangaren tsawo don kada ki manta. Ki wanke shi yadda mai kayan za ta wanke, da sabulun da za ta sa, ki shanya ya bushe sarai. Ki shafa shi da hannu ya kwanta, kada ki ja, ki sake aunawa. Na zaɓi 20 ne don lissafin ya yi sauƙi: duk inci ɗaya da ya ɓace, to a kowane yadi 20 za ki rasa yadi ɗaya.

Bari mu ɗauki misali irin wanda yake gabanmu. A ce wata makaranta ta ba ƙungiya aikin yara 40, kowane yaro riga da wando na yunifom, da tishat ta wasanni. A ce riga da wando suna cin yadi 2 da rabi. Yara 40, yadi 100 ke nan. Mun yi gwaji, inci 20 na tsawo ya dawo 19, faɗin kuma kusan bai motsa ba. Ma'ana yadi 100 idan ya sha ruwa zai koma 95. Yadi 5 da suka tafi kayan yara biyu ne cur. Idan muka sayi 100 muka jiƙa kafin yanka, za mu tsaya a yaro na 38, mu koma kasuwa, wataƙila kalar ta ƙare ko ta zo da ɗan bambanci. Idan kuma muka yanka ba mu jiƙa ba, kayan za su cika 40, a biya mu, amma wando mai inci 30 zai rasa inci ɗaya da rabi a wankin farko, ga yaro yana girma. Iyaye ba za su ce yadi ne ba, za su ce matan ƙungiya ba su iya awo ba. Abin da ya kamata shi ne a sayi yadi 106, a sa kuɗin yadi 6 ɗin nan a cikin farashi tun ranar ciniki, a jiƙa, a shanya a inuwa, a goge, sannan a yanka.

Tishat ɗin kuma, a ce jesin auduga ne, gwaji ya nuna 20 ya dawo 18 ta tsawo. Ɗaya cikin goma ke nan. Rigar da aka yanka inci 24 za ta koma 21 da rabi da ɗan ɗoriya, kusan inci 2 da rabi sun tafi, yaro ya ɗaga hannu cibiya a waje. A nan ma jiƙawa kafin yanka ita ce hanya, kuma a bar shi ya kwana a shimfiɗe bayan ya bushe. Akwai ƙarin abin dubawa a murabba'in da kika zana a jesi. Idan bayan wanki ya karkace, kusurwoyinsa ba su tsaya daidai ba, to ɗinkin gefen rigar zai murɗe ya dawo ta ciki bayan wanki. Kun san irin tishat ɗin nan da ko an goge ta ba ta daidaita. Wannan daga murɗin zaren ne, tela ba ta da maganinsa. Idan karkacewar ta yi yawa, ki bar wannan bandir ki nemi wani, asararki yadi ɗaya ce kawai.

Na san abin da masu shadda da atamfa za su ce: wa zai yarda a jiƙa masa sabuwar shadda kafin ɗinki? Gaskiyarku. Ƙyallin da ƙamshin sabunta su mutum ya biya, kuma amarya ba za ta karɓi atamfar da ta ga ruwa ba. A nan sai a bi ta wajen awo. Turmi yadi 6 ne, inci 216. Idan gwajin ƙyalle ya nuna rabin inci ne yake tafiya a cikin 20, duk turmin zai rasa inci 5 da ɗan abu. A zani wannan ba komai ba ne. A riga mai kama jiki da dogon hannu kuwa, sai a ƙara kamar inci ɗaya a tsawon riga, rabin inci a hannu, a bar kalmasa mai faɗi da za a iya saki daga baya. Tela tana da guntaye a ƙarƙashin keke, ba sai ta sayi yadin gwaji ba. Idan guntun bai kai inci 20 ba ta zana 10, ta ninka abin da ta samu.

Wurin da ya fi ɓaci shi ne inda aka haɗa iri biyu a riga ɗaya. Atamfa ta auduga da shafi na leda: atamfar ta ragu, shafin bai ragu ba, sai ya leƙo ta ƙasa. Shi ya sa ake yanka shafi ya gaza rigar da inci ɗaya ko fiye. Haka rigar yara da ake yi wa jiki da atamfa, hannu ko wuya da jesi. Idan ba a jiƙa jesin tukuna ba, shi zai fi raguwa, ya tattaro atamfar, ɗinkin ya yi tamoji, kuma babu gugar da za ta gyara.

Kan shanya kuma, ku gaya wa masu sayen kayanku, don sau da yawa a igiya kaya suke lalacewa a ɗora wa mai sayarwa. Yadin masaƙa a rataye shi yadda aka ga dama. Jesi idan ya jiƙe nauyin ruwa yana jan zobban ƙasa. Rigar sanyi da aka rataya ta kafaɗa tana ɗiga za ta bushe da tsawon da ba a saye ta da shi ba, hannuwa har gwiwa. A matse ta a hankali ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa a kan tabarma mai tsabta a inuwa. Tishat da hijabin jesi a ninka su biyu a kan igiya, nauyin ya rabu. Ruwan zafi kuma yana ƙara wa auduga raguwa, yana gajiyar da roba, don haka ruwan randa ya isa.

Na zo da ƙyallaye guda shida suna kan teburin can kusa da ma'aji, uku na masaƙa, uku na jesi, kowanne da wanda aka wanke da wanda ba a wanke ba, da zanen biro a jiki. Akwai tef guda biyu. Bayan an ci abinci duk mai so ta zo ta ja, ta karce, ta auna da hannunta. Masu aikin makaranta kuma don Allah ku kawo mini guntun yadin da kuke shirin saye kafin taron wata mai zuwa, mu jiƙa shi tare kafin ma'aji ta fitar da kuɗi.